Kalori Nawa Jiki Ke Ƙonawa Yana Kwance? Tambayoyi da Amsoshi Kan BMR

Na hau wani sikeli na zamani, sai ya nuna min BMR 1,400. Mene ne wannan adadin, kuma na me?

Malama, adadin kuzarin da jikinki ke kashewa ke nan a awa 24 idan ba ki yi komai ba sai zama a raye. Zuciya tana bugawa, huhu yana shaƙar iska, ƙoda tana tace jini, hanta tana sarrafa sinadarai, ƙwaƙwalwa ba ta tsayawa, jiki kuma yana riƙe ɗuminsa wajen digiri 37. Duk wannan aiki ne, kuma yana cin mai, kamar injin motar da aka bari a kunne alhali tana tsaye.

Ma'aunin shi ne kilokalori, wanda a baki ake taƙaitawa a ce kalori. Awon gaskiya yana da sharuɗɗa masu tsauri: da safe ake yi, mutum yana farke amma a kwance, bayan ya shafe kusan awa 12 bai ci komai ba, a ɗakin da babu zafi babu sanyi. Ana sa masa na'urar da ke auna iskar oksijin da yake sha, domin kowace lita ɗaya ta oksijin da jiki ya yi amfani da ita tana daidai da kusan kilokalori 4.8. Macen da ke amfani da mililita 200 a minti, a rana ta sha lita 288, wanda ya kama kilokalori 1,380 da ɗan ɗori. Sikelinki bai auna numfashinki ba. Kintace ya yi daga nauyinki, tsawonki, shekarunki da ƙiyasin da ya yi na kitsen jikinki.

Ga mai yawan zama, wannan kaso shi ne mafi girma a kuzarin da yake kashewa kullum, kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin 100.

Shekaruna 35, nauyina kilo 70, tsawona santimita 165. Yaya zan lissafa da kaina?

Akwai dabarun lissafi da dama. Tsohuwar ita ce ta Harris da Benedict ta shekarar 1919, wadda sau da yawa takan ɗan zarce gaskiya. Wadda masana abinci suka fi dogara da ita yanzu ga manya masu lafiya ita ce ta Mifflin-St Jeor, ta shekarar 1990:

```
Mace:   BMR = (10 × kg) + (6.25 × cm) − (5 × shekaru) − 161
Namiji: BMR = (10 × kg) + (6.25 × cm) − (5 × shekaru) + 5
```

Mu bi naki daki-daki. Nauyi: 10 sau 70 ya ba da 700. Tsawo: 6.25 sau 165 ya ba da 1,031.25. Idan aka haɗa su, 1,731.25 ke nan. Shekaru: 5 sau 35 ya ba da 175, a cire shi, saura 1,556.25. Da yake ke mace ce, a ƙara cire 161, saura 1,395.25. Ki ɗauke shi a matsayin 1,395, kin ga kusan abin da sikelin ya nuna miki ne. Namijin da kuke shekaru ɗaya, nauyi ɗaya, tsawo ɗaya, nasa zai fito 1,561, bambancin 166 ke nan, saboda galibi jikin namiji ya fi tsoka, na mace ya fi kitse.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne ma'auni. Idan kika sa tsawo da mita, wato 1.65 a madadin 165, amsa za ta fito 374, kuma babu babban mutum mai rai da jikinsa ke tafiya a kan wannan. Haka in aka sa nauyi da fam ba kilo ba, amsar za ta yi tashin gwauron zabo. Wasu na'urori kuma da kilojul suke magana: kilokalori ɗaya kilojul 4.184 ne, don haka 1,395 ɗinki zai bayyana kusan 5,840. Ga yawancin manya, amsar da ta gaza 1,000 ko ta haura 2,500 tana bukatar a sake duba lissafi.

Kada kuma ki riƙe 1,395 kamar an auna shi da awo. Ga yawancin mutane dabarar tana faɗawa cikin kashi 10 sama ko ƙasa da ainihin awonsu, don haka naki na gaskiya yana iya zama ko'ina tsakanin 1,255 da 1,535. Ba a yi ta don yara ba, ko masu juna biyu, ko marasa lafiyar da ke kwance a asibiti.

To ke nan kalori 1,395 zan riƙa ci a rana?

A'a. Wannan na kwance ne kawai, ke kuwa kina tashi, kina tafiya, kina aiki. A kansa akwai kuzarin motsi, akwai kuma kuzarin da narkar da abinci ke ci, wanda yake kusan kashi 10 na abin da aka ci. Furotin ya fi wahalar sarrafawa, yana cinye kashi 20 zuwa 30 na kuzarin da ke cikinsa, sitaci da sukari kashi 5 zuwa 10, maiƙo kuwa bai wuce kashi 3 ba.

Maimakon a lissafa kowanne daban, ana ninka BMR da lambar da ke nuna yawan kai-komon mutum. A rabon da masanan Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi, mai aikin zama ko aiki mara nauyi yana tsakanin 1.40 da 1.69, mai matsakaicin motsi tsakanin 1.70 da 1.99, mai aikin ƙarfi kuwa daga 2.00 zuwa 2.40. Mu ƙaddara aikinki na ofis ne, kina ɗan tafiya da ayyukan gida, mu ba ki 1.5. Sai 1,395 sau 1.5 ya ba da kusan 2,090. Wannan ne kuzarin da zai riƙe nauyinki inda yake. Da aikinki na tsayuwa ne da ɗaukar kaya wuni guda har lambar ta kai 1.8, da adadin ya zama 2,510. Jiki ɗaya, BMR ɗaya, amma tazarar ta haura 400.

A ganina, a nan ne lissafin mutane ya fi lalacewa, ba a dabarar ba. Mutum zai yi motsa jiki na minti 30 sau uku a mako, sauran lokacinsa duk a kujera, sai ya ɗauki kansa cikin masu matsakaicin motsi. Lambar tana magana ne kan awa 24 gaba ɗaya. Wani kuskuren shi ne ƙirga abu sau biyu: an riga an ninka da 1.5, sannan a ɗauko kalorin da agogon hannu ya ce an ƙona a ɗora a kai, alhali motsin da narkar da abincin duk suna cikin lambar.

An ce idan na tara tsoka jikina zai riƙa ƙona kitse ko ina barci. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya, amma an zuzuta ta. A hutu, kilo ɗaya na tsoka yana cin kusan kilokalori 13 a rana, kilo ɗaya na kitse kusan 4.5. Manyan masu ci su ne kayan ciki da ƙwaƙwalwa: hanta kusan 200 a kowane kilo, ƙwaƙwalwa 240, zuciya da ƙoda 440. Ƙwaƙwalwar da ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba tana cin sama da 300, wato fiye da kashi ɗaya bisa biyar na BMR ɗinki. Waɗannan gaɓoɓi huɗu ba su wuce kashi 5 ko 6 na nauyin jiki ba, amma su ke cinye fiye da rabin kuzarin hutu, kuma babu atisayen da zai ninka girmansu.

Idan kika yi watanni kina ɗaga ƙarfe har kika ƙara kilo 2 na tsoka, abin da BMR zai ƙaru da shi bai wuce 26 ba a rana. Ki yi atisayen, domin yana ƙona kuzari a lokacin da ake yin sa, yana ƙarfafa ƙashi, yana taimakon jiki wajen sarrafa sukari, yana kuma hana tsoka zubewa idan kina rage ƙiba. Sai dai kada ki ƙara kwano saboda shi.

Shekaru fa? Ji nake jikina ya yi sanyi tun da na wuce talatin.

A dabarar, kowace shekara tana rage 5 kacal, don haka daga 35 zuwa 45 raguwar 50 ce. Wani babban bincike da masanin kimiyya Herman Pontzer da abokan aikinsa suka fitar a 2021, kan mutum sama da 6,000, ya nuna cewa idan aka yi la'akari da girman jiki da tsoka, ƙonewar kuzari tana nan daram daga shekara 20 zuwa 60, sai bayan nan take sauka a hankali. Ƙibar tsakiyar shekaru ta fi alaƙa da raguwar motsi da ƙaruwar ci.

Waɗanne abubuwa ne ke sauya shi da gaske, har lissafin ya daina aiki?

Na farko rage nauyi kansa. Idan kika sauka daga kilo 70 zuwa 60, BMR ya koma 1,295, bukatar yini kuma ta koma kusan 1,940, ragin 150 ke nan. Ga wanda ya daɗe yana takura cinsa, jiki yakan ƙara tsuke kashewarsa kaɗan fiye da abin da lissafi ya nuna, mutum kuma yakan rage kai-komo ba tare da ya lura ba. Shi ya sa abincin da ya sa ki ramewa a watan farko yake daina aiki daga baya. Duk kilo 4 ko 5 da kika sauke, ki sake lissafi.

Zazzaɓi yana ɗaga shi da kusan kashi 10 zuwa 13 a kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru. In naki ya hau daga 37 zuwa 39, ƙarin ya kai wajen 300 a rana, a daidai lokacin da mara lafiya ba ya son cin komai, kuma wannan na cikin dalilan ramar jinya. Juna biyu yana ƙara bukata da kusan 340 a watanni ukun tsakiya da 450 a ukun ƙarshe, shayarwa kuwa tana cin kusan 500.

Sai tayirod, halittar nan da ke gaban wuya wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Sinadarinta ne ke saita saurin aikin ƙwayoyin jiki. Idan ya yi yawa, mutum yana ci yana ramewa, ga bugun zuciya, gumi da rawar hannu. Idan ya yi kaɗan, sai kasala, jin sanyi, bushewar fata, taurin bayan gida da ƙarin nauyi. Babu dabarar lissafin da ke gano wannan, sai gwajin jini na TSH a asibiti, wanda ke nuna yadda tayirod ke aiki.

Ta yaya zan gane ko 2,090 ɗin ya dace da ni?

Ki gwada shi a jikinki. Na tsawon mako uku ko huɗu, ki rubuta abin da kike ci tsakani da Allah, har da abin sha da man girki, domin su aka fi mantawa. Ki riƙa hawa sikeli da safe kafin ki ci komai, ki kwatanta matsakaicin mako da na mako, tunda ruwan jiki kaɗai yana iya motsa nauyi da kilo ɗaya ko fiye, musamman gab da al'ada. Idan nauyi bai motsa ba, abin da kike ci shi ne abin da kike kashewa. Idan kuma kina cin 2,090 amma kin ragu da kilo ɗaya a mako huɗu, sai ki yi amfani da ƙiyasin cewa kilo ɗaya na kitsen jiki kusan kilokalori 7,700 ne. Raba shi da kwana 28 ya ba da 275, ma'ana ainihin bukatarki ta kusa 2,365, kuma da wannan adadin za ki ci gaba da aiki, ba da na dabarar ba.