Tasirin maƙwabtakar launuka

Tasirin maƙwabtakar launuka shi ne yadda launi ɗaya yake sauya kama a ido gwargwadon launin da ke kewaye da shi. Ƙyalle ruwan toka idan aka ɗora shi a kan baƙi sai ya yi haske, idan kuma aka mayar da shi kan fari sai ya yi duhu, alhali ko zare ɗaya bai canja a jikinsa ba. Ba haske da duhu kaɗai abin yake shafa ba. Wannan ƙyallen dai, a kan rawaya yana karkata zuwa shuɗi, a kan ja kuma yana karkata zuwa kore. Wato maƙwabci yana tura launi zuwa ga kishiyarsa shi maƙwabcin.

Tarihi

Tun a ƙarni na 11 Ibn al-Haisam, masanin kimiyyar haske da gani, ya lura cewa ɗigon fenti yana yin duhu a kan fari, ya yi haske a kan baƙi. Amma wanda ya bi diddigin lamarin shi ne Michel Eugène Chevreul, masanin sinadarai ɗan Faransa, wanda aka naɗa shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Paris a 1824. An kawo masa ƙorafin cewa baƙin ulun da ake rinawa bai yi baƙi sosai ba, musamman inda aka saƙa shi kusa da shuɗi. Ya gwada ulun, ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau. Ashe shuɗin ne yake sa baƙin ya ɗan karkata zuwa ruwan lemo a ido, sai ya yi kamar ya koɗe. Marina ba su da laifi ko kaɗan. A 1839 ya wallafa littafinsa a kan wannan ƙa'ida.

Dalili

Ido ba ma'aunin haske ba ne, mai kwatantawa ne. A tantanin da ke bayan ido, ƙwayar da haske ya faɗa wa tana danne saƙon na kusa da ita, don haka abin da ke isa ƙwaƙwalwa shi ne bambanci tsakanin wuri da maƙwabcinsa. Launuka kuma bibbiyu ake auna su: ja da kore, shuɗi da rawaya, fari da baƙi. Wannan tsari yana da amfani ƙwarai, domin shi ke sa mutum ya gane farar rigarsa fara ce da tsakar rana da kuma bayan magariba.

Sai dai wannan bayani bai ƙare zancen ba. A hoton da Edward Adelson, masanin kimiyyar gani, ya fitar a 1995, akwai gidaje biyu, A da B, a kan allo mai gidajen fari da baƙi. Launinsu ɗaya ne sak, amma B yana cikin inuwa, sai ƙwaƙwalwa ta cire inuwar a lissafinta, ta ga B ya fi A haske nesa ba kusa ba. Har ila yau, idan launuka sirara ne a cuɗe, kamar zaren saƙa, sukan ja juna maimakon su ture juna.

Gwaji

A shafi ɗaya na kwamfuta, a raba fili biyu, hagu baƙi, dama fari. A tsakiyar kowanne a zana ƙaramin murabba'i ruwan toka mai launi `rgb(128, 128, 128)`. Na hagu zai fi haske a ido. Sai a ja siririn layi mai wannan launi ya haɗa su biyun. Nan take za a ga babu inda layin ya bambanta da ko wannensu. A goge layin, bambancin ya dawo. Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci: sanin gaskiyar ba ya gyara ganin. Gwani da ɗan koyo duk haka idonsu yake yi.

Inda ido yake kuskure

Tela ya zaɓi zaren aiki ruwan toka a kan farin teburin shago, ya ɗinka shi a wuyan shadda rawaya, mai kaya ya zo ya ce zaren ya yi shuɗi-shuɗi. Duk cikinsu babu mai ƙarya. Alamar gane irin wannan kuskure ita ce, da an raba launin da maƙwabcinsa sai matsalar ta ɓace. Ana huda ƙaramin rami a kwali ruwan toka, a ɗora a kan wurin, a duba shi kaɗai. Idan launuka biyu ake kwatantawa, sai a haɗa su gefe da gefe ba tare da tazara ba, a haske ɗaya. Shi ya sa masu ɗab'i suke duba aiki a akwatin haske mai bango ruwan toka, a ƙarƙashin fitilar D50 mai kwaikwayon hasken rana, sannan su auna da na'ura. Ita na'urar tana faɗin launin da ke wurin ne kawai. Yadda zai fito a idon mai saye, sai an ɗora zaren a kan shaddar an gani.