Launin kwaya ba ya nuna irin maganin da ke cikinta

An daɗe ana ɗauka a unguwannin Agege da Mile 12 na Legas cewa farar kwaya mai zagaye farasitamol ce, kuma wadda aka tsinta cikin jaka ko aljihu ba tare da kwali ba, mai kemis zai gane ta da kallo ɗaya.

Wannan kuskure ne, domin kowane kamfani shi ke zaɓar launi da siffar kwayarsa. Farar kwaya mai layi a tsaka tana iya zama farasitamol, kamar yadda tana iya zama gilibenkilamid, maganin ciwon suga mai miligiram 5. Wanda ba shi da ciwon suga idan ya sha ta saboda ciwon kai, sugan jininsa yana iya faɗuwa, ya fara gumi da makyarkyata da ruɗewa, wani lokaci har ya suma, kuma wannan hali kan ɗauki sa'o'i da dama. Ƙaramin yaro kuwa, kwaya ɗaya tana iya kai shi asibiti.

Haruffan da aka buga a jikin kwaya suna taimaka wa masanin haɗa magunguna, amma a Najeriya kwayoyi da yawa ba su da su, masu jabu kuma suna kwaikwayonsu. Lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewar magani a kwali suke, ba a jikin kwaya ba. Ko da ma an gane kwayar da aka tsinta, laimar Legas da zafin aljihu suna iya ɓata ta.

Saboda haka kada a sha ta, kada kuma a ɗanɗana; a naɗe ta a kai kantin magani mai rajista domin a zubar da ita yadda ya dace. Idan yaro ya riga ya haɗiye ta, a kai shi asibiti nan take tare da sauran da aka tsinta, ba tare da sa shi amai ko ɗura masa manja ba.