Jiƙa busasshen wake

Jiƙa wake shi ne a zuba busasshen wake cikin ruwan sanyi a bar shi ya kwana, awa 8 zuwa 12, kafin a ɗora shi a wuta. Ana yin haka don ya dahu da wuri, ya kuma yi wa ciki sauƙi.

Yadda yake rage lokacin dahuwa

Danshin da ke cikin busasshen wake bai wuce kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari ba, kuma ɓawonsa ba ya barin ruwa ya shiga da sauri. Da farko ruwan ta wata 'yar kafa kusa da hancin waken yake shiga, sai ɓawon ya yi laushi sannan ya fara ratsa ko'ina. Sitacin da ke ciki ba ya nuna sai ya sha ruwa, haka ma fektin, sinadarin da ke manne sassan ƙwayar, sai da ruwa da zafi yake saki. Idan aka ɗora wake a bushe, wani ɓangare na aikin wuta na tura ruwa ciki ne, shi ya sa bayan ƙwaya kan farfashe tsakiyarta na nan da tauri.

Misali, giram 250 na jan wake a cikin lita 1 na ruwa kan kai kusan giram 500 da safe. Idan aka raba ƙwaya gida biyu aka ga babu busasshen wuri a tsakiya, ta jiƙu. Irin wannan kan dahu cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, wanda ba a jiƙa ba kuwa yakan kai awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Tsohon waken da ya daɗe a ajiye cikin zafi da danshi yakan ƙi laushi ko an jiƙa shi.

Narkewa a ciki

Wake na ɗauke da wasu nau'o'in sukari, irin su rafinos da sitakiyos, waɗanda ƙaramin hanjin mutum ba ya iya narkarwa. Sukan wuce babban hanji, ƙwayoyin bakteriya su ci su, su fitar da iska, ciki ya kumbura. Sukarin nan na narkewa a ruwa, don haka wani ɓangarensa kan fita cikin ruwan jiƙon. Amfanin yana wajen zubar da ruwan, a wanke waken, a dafa da sabo. Masana sun saɓa kan yawan abin da ke fita.

Abin kiyayewa

A lokacin zafi waken kan fara tsami da kumfa mai yawa idan ya daɗe, gara a sa shi a firij. Jiƙo kuma ba ya kashe lektin, gubar da ke cikin ɗanyen jan wake mai sa amai da gudawa. Dole a bar shi ya tafasa sosai aƙalla minti 10 kafin a rage wuta.