Baƙin akwatin jirgin sama ba ya faɗin mai laifi

A Abuja, da jirgi ya faɗi sai ka ji ana cewa a buɗe baƙin akwati a ji sanadi. Ai ba baƙi ba ne ma, ruwan lemo ne, kuma na'urori biyu ne: ɗaya na ɗaukar muryoyin matuƙa, ɗaya na adana tsayi, gudu da ƙarfin inji.

Na'urorin ba sa faɗin sanadi ko mai laifi da kansu, sai masu bincike sun daidaita lokutansu. Duk sa'ad da matuƙi ya danna maɓallin rediyo, na'urar bayanai na rubutawa, sai a haɗa da muryarsa daƙiƙa bayan daƙiƙa. A hatsarin Air France na 2009, haka aka tabbatar ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, mataimakin matuƙi kuma ya yi ta ɗaga hancin jirgin har iska ta daina riƙe jirgin ya faɗi.