Waiwaye: Shekarun da Aka Tuhumi Malamai kan Halittar Alƙur'ani

Duk wanda ya ɗauki Risala a gaban malamin zaure ya wuce ta kan wata jimla a babin farko, babin aƙida, inda Ibn Abi Zaidin Ƙairawani yake cewa Alƙur'ani maganar Allah ce, ba halittacce ba ne balle ya gushe, ba kuma siffar wani halitta ba ce balle ya ƙare. Almajiri yakan biya ta, malam ya fassara, a ci gaba. Ba kowa ne ke tsayawa ya tambayi abin da ya sa mawallafin ya ga sai ya kore wannan magana tun a farkon littafin fiƙihu ba. Dalilin yana komawa ga wata fitina da ta auku a daular Abbasiyawa, wadda littattafan tarihi ke kira Mihna, wato jarrabawa. Ta ɗauki kusan shekara goma sha biyar ana ɗaure malamai, ana bulala, ana tuɓe alƙalai, a kan tambaya ɗaya tak: Alƙur'ani halittacce ne ko a'a?

Maganar ta girmi Mihna da kusan ƙarni guda. Ana danganta farkonta ga Ja'adu bin Dirhami, wanda aka kashe a ƙarshen zamanin Umayyawa, da Jahamu bin Safwana, wanda aka kashe a shekara ta 128 bayan Hijira. Daga baya Mu'utazilawa, wata ƙungiyar malaman aƙida masu ba hankali babban matsayi, suka ɗauke ta suka gina ta a kan hujjar hankali. Ya kamata a yi musu adalci a nan, domin ba raina Alƙur'ani ne ya kai su ba. A ganinsu tauhidi suke karewa. Suka ce Allah kaɗai ne marar farko, to idan aka ce akwai wani abu tare da shi wanda shi ma bai da farko, an yi masa kishiya ke nan. Alƙur'ani kuwa haruffa ne da kalmomi masu bin juna, wannan na zuwa bayan wancan, yana ba da labarin Fir'auna da Abu Lahabi, saboda haka dole a ce Allah ya halitta shi a wani lokaci. Suna kafa hujja da aya ta 3 a Suratuz Zukhruf, inda Allah ya ce ya sanya shi abin karatu na Larabci, suna cewa sanyawa a nan halittawa ce, kamar yadda aka ce ya sanya duhu da haske a farkon Suratul An'am.

Malaman hadisi ba su yarda ba. Suka ce magana siffa ce ta mai magana, kamar iliminsa, kuma ba a cewa ilimin Allah halitta ne. Suka ce kalmar sanyawa ba kullum take nufin halittawa ba, ga ta nan a Suratul Fil, inda aka mayar da mutanen giwa kamar karmamin da aka cinye. Sannan babbar hujjarsu ita ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kira kowa ga wannan magana ba, sahabbai ma haka. Da a zauren karatu abin ya tsaya, da ya zama saɓani irin wanda malamai suka saba.

Halifa Ma'amun ne ya fitar da shi daga zaure. A shekara ta 212 ya bayyana cewa shi ra'ayinsa Alƙur'ani halittacce ne, amma bai tilasta kowa ba. Sai a watan Rabi'ul Awwal na 218, wato 833 Miladiyya, yana Raƙƙa a kan hanyarsa ta yaƙin Rumawa, ya aika wa wakilinsa a Bagadaza, Ishaƙa bin Ibrahim, wasiƙa cewa a tara alƙalai a tambaye su. Ɗabari ya kawo wasiƙun nan a tarihinsa, kuma wanda ya karanta su zai ga abin da ke cin Ma'amun. Yana kallon halifa a matsayin magajin Annabi wajen tsare addini, yana kuma zargin malaman hadisi da jan jahilan talakawa a bayansu da sunan sunna. Har ya kwatanta maganarsu da ta Nasara, masu cewa Annabi Isa ba halitta ba ne tunda kalmar Allah ne. Hukuncin da ya yanke shi ne duk wanda bai amsa ba, ba za a ba shi alƙalanci ba, ba za a kuma karɓi shaidarsa a kotu ba. A garin da ciniki da gado da aure duk suna tsayawa a kan shaidu, wannan ba ƙaramin horo ba ne.

Mutum bakwai aka fara aikawa gare shi a Raƙƙa, cikinsu akwai Yahaya bin Ma'in da Zuhairu bin Harb da Muhammadu bin Sa'ad, manyan masana hadisi. Duk suka amsa. Aka mayar da su Bagadaza aka shelanta amsarsu a gaban sauran malamai, don gwiwar kowa ta yi sanyi.

Zama na biyu a gaban Ishaƙa shi ne ya fi nuna yadda tuhumar take. Aka tambayi alƙali Bishru bin Walid, ya ce Alƙur'ani maganar Allah ce. Ishaƙa ya ce ba wannan na tambaye ka ba, halittacce ne? Ya ce Allah ne mahaliccin kowane abu. Aka ce to Alƙur'ani abu ne? Ya ce abu ne. Aka ce halittacce ke nan? Ya ce ba mahalicci ba ne. Haka suka yi ta zagaye, magatakarda yana rubuta kowace kalma don a aika wa halifa. Da aka zo kan Ahmadu bin Hambali, ya ce maganar Allah ce, ba zan ƙara komai a kai ba. Amsar Ma'amun ta dawo da zafi. Ya bi malaman ɗaya bayan ɗaya yana tona musu asiri, wannan ya ci dukiyar amana, wancan ya ci riba, ya kuma ce idan Bishru bai tuba ba a sare kansa. Wannan wasiƙa takan sosa mini rai duk lokacin da na tuna ta, domin mutumin da ya fara da hujjar aya da hankali ya ƙare da tonon silili da barazanar takobi.

Kusan kowa ya amsa, da yawa suna fakewa da aya ta 106 a Suratun Nahl, wadda ta yi rangwame ga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani. Mutum huɗu suka rage, aka sa musu mari. Washegari ɗaya ya amsa, bayansa wani ya bi. Saura Ahmadu bin Hambali da wani saurayi, Muhammadu bin Nuhu. Aka ɗora su a kan dabba cikin sarƙa za a kai su wajen halifa a garin Ɗarsus, suna hanya labari ya iso cewa Ma'amun ya rasu a watan Rajab, wata huɗu kacal bayan wasiƙar farko. Aka juyo da su. Muhammadu bin Nuhu ya rasu a hanya, Ahmadu ya yi masa salla.

Mutuwar Ma'amun ba ta kashe wutar ba, don ya bar wa ƙanensa Mu'utasim wasiyya ya ci gaba, ya kuma riƙe Ahmadu bin Abi Du'ad, wanda ya zama alƙalin alƙalai. Mu'utasim soja ne, ba ma'abocin ilimin kalam, wato muhawarar aƙida, ba. Bayan Imamu Ahmad ya daɗe a kurkuku, aka kawo shi fada cikin watan Ramadan, aka yi kwana uku ana muhawara. Duk hujjar da aka kawo, sai ya ce a ba shi wani abu daga Littafin Allah ko sunnar Manzonsa. Da aka ce masa Allah ne mahaliccin kowane abu, sai ya kawo ayar iskar Adawa da aka ce tana rugurguza kowane abu, alhali ba ta rugurguza sai abin da Allah ya nufa. A ƙarshe aka yi masa bulala har ya suma, sannan aka sake shi. Ɗansa Salihu da ɗan baffansa Hambal sun ruwaito cewa bai amsa ba. Jahiz, wanda Mu'utazile ne, ya rubuta cewa ya amsa. Al'umma dai ruwayar iyalansa ta riƙe, kuma yadda ya ƙaurace wa waɗanda suka amsa daga baya, har da abokinsa Yahaya bin Ma'in, ya fi dacewa da ita.

Zamanin halifa Wasiƙ, wanda ya gaji Mu'utasim, abin ya fi muni. Buwaiɗi, babban almajirin Imamu Shafi'i, an ɗauko shi daga Masar cikin sarƙa, ya rasu a kurkukun Bagadaza a 231. A shekarar nan aka kama Ahmadu bin Nasar Khuza'i da shirin tawaye, amma da aka kai shi Samarra, a kan Alƙur'ani halifa ya tuhume shi, ya kashe shi, aka kafe kansa a Bagadaza. Har wajen musayar fursunoni da Rumawa a kogin Lamis an kai tambayar: Musulmin da ya ce halittacce ne a fanso shi, wanda ya ƙi a bar shi a hannun abokan gaba.

Mutawakkil, wanda ya hau a 232, shi ya janye abin sannu a hankali. A 234 ya hana jayayya a kan Alƙur'ani, ya ba malaman hadisi damar karantarwa a fili. A 237 ya raba gidan Ibn Abi Du'ad da alƙalanci, ya ƙwace dukiyarsu, ya sa aka sauke gawar Ahmadu bin Nasar aka ba danginsa.

Sau da yawa akan taƙaita labarin a ce Mu'utazilawa ne suka yi Mihna. Gaskiya ne Ibn Abi Du'ad nasu ne, amma masu wannan ra'ayi sun haɗa da wasu fuƙaha'u irin su Bishrul Marisi, kuma umarnin daga fada ya fito. A ganina abin da aka yi ta ja a kai shi ne wa ke da ta cewa a addini, halifa ko malamai. Fada ta gwada ƙarfinta ta kasa, kuma tun daga nan bayanin aƙida ya zauna a hannun malamai. Su ma malaman ba su huta ba, don sabuwar tambaya ta taso: lafazin mai karatu fa, halitta ne? Wannan ce ta jawo wa Imamu Buhari tsangwama a Naisabur har ya bar garin. Daga baya Ash'arawa suka bambanta maganar Allah da ke tsaye da zatinsa da haruffa da sautin da ke nuni gare ta.

Guguwar ta isa Ƙairawan ma, a ƙasar Tunisiya ta yau. A ƙarƙashin sarakunan Aglabawa an gurfanar da Sahnun, mai Mudawwana, ya ce abin da ya ji daga malamansa shi ne Alƙur'ani ba halittacce ba ne, aka hana shi fatawa da karantarwa. Ba a daɗe ba al'amura suka juya, ya zama alƙalin garin, ya rasu a 240. Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 386, a garin nan ya tashi, a hannun malaman da silsilar karatunsu ke komawa ga Sahnun, kuma daga can Risala ta ratso Sahara ta iso zaurukan Kano da Katsina da Sakkwato ɗauke da waccan jimla.