Bayar da Jari ga Na Sani Domin Neman Riba a Damagaram

Bayar da jari ga na sani shi ne mutum ya miƙa kuɗinsa ga ɗan'uwa, maƙwabci ko ɗan ƙungiyar asusunsu domin ya juya su, a samu ƙari. A Damagaram ana yin haka ta hanya biyu: bashi mai kuɗin ruwa tsayayye, wanda malamai suka haramta, da kuma ƙiradi, inda ake raba ribar da aka samu bisa kason da aka amince tun farko. A mazhabar Malikiyya, asarar ƙiradi tana kan mai jari, sai fa idan mai juya kuɗin ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi.

Sau da yawa ba rashin amana ke hana biyan bashi ba, tsarin yarjejeniyar ne ya fi ƙarfin sana'ar. A ɗauka an ba ɗan kasuwa sefa 200,000 da kaka, ya sayi wake buhu 9 a Matameye kan 20,000 kowane, sauran 20,000 suka tafi a kuɗin mota da ajiya. Idan bayan wata 5 ya sayar da kowane buhu kan 28,000 a Kasuwar Dole ta Damagaram, zai tashi da 252,000. A ƙiradi na rabi da rabi kowa ya samu 26,000. Amma da an sa masa ruwan kashi 10 cikin 100 kowane wata, sai a biyo shi 300,000, abin da ko kasuwa mai kyau ba ta kawo ba, balle idan ƙwari sun ɓata waken ko farashi ya faɗi. Irin wannan ruwa ya zarce nesa iyakar kashi 24 cikin 100 a shekara da aka tsayar wa ƙananan cibiyoyin bashi na ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, a 2014.

Alamar matsala takan fito da wuri: mai karɓa ya daina nuna kaya, ko ya nemi ƙarin kuɗi kafin ya sayar da na farko, ko a ji yana cin sabon bashi yana biyan tsoho.

Saboda haka mai hankali yakan rubuta yarjejeniya gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni game da bashi, ya bayyana jari da kason riba, ya ga buhunan da idonsa, sannan ya jira lokacin sayarwa kafin ya nemi kuɗinsa. Jingina, wadda aya ta 283 ta ambata, a bashi take aiki, domin a ƙiradi ba a ɗora wa mai juyawa lamunin jari. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, suna rage haɗari ta hanyar bayar da rance kaɗan na gajeren lokaci, a ƙirga kuɗin a bainar taro, a ajiye su cikin akwati da makullansa ke hannun mata daban-daban.