Rahoton zaman ma'aikata a shafi ɗaya: amsoshin tambayoyin da ake ta yi mini

Malam, zamanmu na Asabar yakan kai awa ɗaya da rabi. Ta yaya za a ce duk wannan ya shiga shafi ɗaya?

Ba duka ne zai shiga ba. Abin da aka yanke ake rubutawa, da wanda zai yi, da ranar da zai gama. Hirar da aka yi kafin a kai ga matsayar ta ƙare a ɗakin, a bar ta can.

To me da me za a sa a shafin?

Ɗauki farar takarda A4. A sama kwanan wata, waɗanda suka zo, waɗanda ba su zo ba, da sunan mai rubutu. Layi uku sun isa. Ƙasa da wannan sai ayyukan makon jiya, kowanne da kalma ɗaya a gabansa: an yi, ko ba a yi ba. Sai alƙaluma uku ko huɗu da kuke dubawa kowane mako, su ɗin dai kullum, kada ka riƙa sauya su. Sauran shafin na matsaya ne da sababbin ayyuka.

Ayyukan makon jiya su ne a sama, ba a ƙasa ba, kuma da su ake buɗe zama. Na sha faɗin wannan, amma har yanzu ana kawo mini rahoto an tura su can gindin takarda inda ba mai kai ido.

Ka nuna mana misali. Ni ban gane yadda ake rage shafi huɗu ba.

Akwai wani gidan burodi da nake duba wa lissafi, ma'aikata goma sha ɗaya. Yarinyar da ke kan teburin sayarwa ita ke rubutu, kuma tana da ƙoƙari ƙwarai, don kusan duk abin da aka furta sai ta kama shi. Wata Asabar ta miƙo mini littafinta, irin na 'yan makaranta mai layi-layi, gefensa duk garin fulawa. Shafi ɗaya da rabi cur a kan burodin da ake dawowa da shi: direba ya ce masu shayin bakin tasha sun rage ɗauka saboda zafi, mai gashi ya ce ba laifin tanda ba ne, mai kwaɓi ya ce yis ɗin da aka sayo ne bai da ƙarfi, Alhaji mai gidan burodin ya yi faɗa, aka koma kan tsadar dizal, aka sake dawowa.

Na ba ta jan biro na ce ta ja layi ƙarƙashin duk inda wani ya ce "zan yi" ko Alhaji ya ce "a yi". Wuri uku kawai ta samu. Ga abin da ya shiga shafin:

Burodin da ya dawo: guda 130, makon jiya 85.
An yanke: a rage kwaɓin Litinin da Talata da buhu ɗaya-ɗaya, na mako biyu, a sake dubawa.
Direba: ya rubuta abin da kowane mai shayi ya ɗauka da abin da ya mayar, ya kawo Asabar.
Mai sito: ya sayo yis daga wani dila, a gwada a kwaɓi ɗaya, kafin Laraba.

A takardar gaske sunayensu ne a wurin, ba muƙami ba. Lura kuma da cewa maganar dizal ba ta shiga ba, duk da ta ci minti ashirin, don ba a yanke komai a kanta ba. Dalilin matsayar ma bai ɓace ba: 130 da 85 ɗin nan sun faɗe shi. Wanda ya buɗe fayil bayan wata shida zai gane abin da ya sa aka rage kwaɓi.

Ba zai fi ba a ɗauki sauti da waya?

Wa zai zauna ya saurari awa ɗaya da rabi ran Talata don ya gano wanda aka ce ya kira mai gyaran janareta? Ban da haka, da zarar an ajiye waya a tsakiyar tabarma, ƙananan ma'aikata sai su kama bakinsu. A'a.

Me ya sa kake tsanar "a duba" da "za a yi ƙoƙari"?

Don aikin da ba a ɗora wa mutum ɗaya ba, ba mai yin sa. "A duba maganar leda" ba aiki ba ne. Wa zai duba, me zai kawo, yaushe? Haka "nan ba da jimawa ba" ba rana ba ce. Rubuta Laraba, ka sa kwanan wata. Idan aka sa suna biyu a aiki ɗaya, ranar Asabar kowa zai nuna ɗan'uwansa. Sa suna ɗaya, ya nemi mai taya shi da kansa.

Kuma kafin a watse, mai rubutu ya karanta ayyukan da ƙarfi, kowa ya amsa nasa. Minti biyu ne. A nan ake jin "ai ni ba haka na fahimta ba", kuma gara a ji shi a ɗakin da a ji shi bayan mako guda.

An samu giɓin kuɗi a hannun direba, an yi maganar a gaban kowa, maigida ya ce a cire daga albashinsa. In rubuta a shafin ko in bari?

Wannan kam sai a hankali, kuma amsar ta danganta da abubuwa da yawa.

Abu na farko, ka tuna inda takardar nan take zuwa. Ana liƙa ta a bango, ana ɗaukar hotonta a tura wa kowa ta WhatsApp, daga nan kuma ba ka da iko da inda za ta kai. Idan ka rubuta sunan mutum kusa da kalmar "sata", ko ma "giɓi", alhali ba a gama bincike ba, ka ɗora masa tambarin da zai bi shi har unguwarsu. Na ga an yi wa wani yaro haka a kan kuɗin da daga baya aka tarar wani mai shago ne ya karɓi kaya bashi ba a rubuta ba. An wanke shi a baki, amma hoton takardar yana nan a wayoyin mutane. Har yau abin yana damuna.

To amma in ka share maganar gaba ɗaya, ka yi wani kuskuren. Kuɗi sun yi ƙafa, an tattauna, kuma watarana za a nemi shaidar lokacin da aka fara lura. Abin da nakan ba da shawara a mafi yawan lokuta shi ne a raba maganar gida biyu. A shafin da kowa ke gani, a rubuta abin da ya tabbata da aikin da ya biyo baya: lissafin kayan Alhamis bai daidaita ba da naira dubu goma sha takwas, mai lissafi zai gwada rasit da littafin bashi kafin Talata. Ba sunan wanda ake zargi. Sannan a buɗe wata takarda daban ta fayil ɗin ma'aikacin, mai ɗauke da abin da aka ce ya faru, da bayanin da shi ya bayar da bakinsa, da kwanan wata, ya karanta ko a karanta masa, ya sa hannu, ta zauna a durowar maigida.

Maganar cire kuɗi daga albashi kuwa, maigida, a nan nake roƙon ka sassauta. A Nijeriya, sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai aiki cin tarar ma'aikaci ta hanyar yanke albashinsa. Ko asarar da ma'aikacin ya jawo da gangan ko ta sakaci, dokar ta ce sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tukuna, kuma cirewar ta kasance daidai gwargwado. Na san ba haka ake yi a kasuwa ba. Amma idan ka rubuta "an yanke a cire daga albashinsa" a rahoton zama, ka rubuta wa kanka shaida da hannunka, kuma rigimar aiki tana da kotunta, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Shi ya sa nake cewa kada a mai da shi matsayar zaman mako. A gama bincike, a ji ta bakinsa a keɓe, in kuɗin suna da yawa a nemi lauya ko ofishin ƙwadago kafin a taɓa albashi. Wanda ke Nijar ko Ghana, dokar ƙasarsa zai duba, wannan ta Nijeriya ce.

Akwai inda nakan sassauta. Idan mutum da kansa ya tashi ya ce shi ya manta bai rubuta bashin ba, zai karɓo kafin Talata, wannan aiki ne kamar kowane aiki, a sa sunansa da ranar. Bambancin shi ne ya ɗauki nauyi, ba a ɗora masa laifi ba. Haka maganar rashin lafiya, ciki, ko bashin da ma'aikaci ya nema na gaba da albashi: ko an faɗe su a zama, ba na bango ba ne. "Ba ta zo ba, da izini" ya wadatar.

Ni rubutuna ba shi da kyau, ba ni da kwamfuta kuma.

Kwantar da hankalinka, ƙanena. Ja layukan sau ɗaya da rula, kai shagon hoton takardu a yi maka guda hamsin da biyu, ka samu na shekara. Rubutu ya karantu kawai. Da Hausa, da ajami, da Turanci, duk wanda ma'aikatanka ke iya karantawa.

Yaushe ya kamata a fitar da shafin?

A ranar. Kwana biyu in suka wuce, abin da ka tuna za ka rubuta, ba abin da aka faɗa ba.

Kamfaninmu yana da rajista. Wannan shafin ya isa a matsayin rahoton da doka ke nema?

Kada ka haɗa su. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani ajiye rahoton babban taron masu hannun jari da na zaman daraktoci a littafinsu na musamman. Ƙarin jari, naɗa darakta, rabon riba, can za su. Shafin Asabar na gudanar da aikin mako ne.

Wani aiki ya yi mako huɗu yana dawowa da "ba a yi ba". In cire shi don a samu wuri?

Kada ka kuskura ka cire shi a ɓoye. Rubuta adadin makonnin a gefensa: 2, 3, 4. Da ya kai uku, a tsaya a kansa, don ɗayan abu uku ne: ko aikin ya yi girma sai an gutsuttsura shi, ko wanda aka ba ba shi da kuɗi ko ikon yi, ko kuwa ba mai buƙatarsa tun farko. A gidan burodin nan, gyaran ƙofar tanda ya yi mako biyar a kan sunan mai gashi. Da aka tambaye shi sosai, sai ya ce mai walda yana neman kuɗin kafin alƙalami, shi kuma yana jin nauyin tambayar Alhaji. Aka soke sunansa aka sa na Alhaji, aka sa Litinin. Ran Laraba aka ɗaura ƙofar.